Don Allah a taimaka: me za mu kira ROE da Hausa? Gobe da safe zan shiga sutudiyo

Mai Gabatarwa: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa shiri na ranar dakarun wanzar da zaman lafiya, 29 ga Mayu, kuma bakwai na safe za mu naɗa. Na maƙale a abin nan da sojoji ke taƙaitawa ROE, wato Rules of Engagement a Turance. Ƙamus ɗin da ke teburina "baiko" ya ba ni a matsayin fassarar engagement, to ba zan ce wa masu sauraro sojan Majalisar Ɗinkin Duniya na yawo da dokokin baiko a aljihu ba. Yanzu dai na sa "dokokin yaƙi". Ya yi?

Ɗan Lauya: Bai yi ba ranka ya daɗe. Dokokin yaƙi ai su ne na Geneva na 1949 da makamantansu, sun hau kan kowa har ɗan tawaye. ROE kuwa umarni ne na cikin gida, hukumar da ta tura soja ce ke rubuta masa, kuma na wannan aikin daban na wancan daban. Ka sa "ƙa'idojin buɗe wuta".

Tsohon Saje: Lauya ka kusa amma da saura. Na yi Darfur ƙarƙashin UNAMID, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, katin ROE yana aljihun kowa, kuma harbi shi ne matakin ƙarshe a jikinsa. Misali kana shinge a bakin sansanin 'yan gudun hijira, ga akori-kura ta taho da gudu da mutane a baya. Farko ka ɗaga hannu ka daka tsawa da yaren da za su ji. Ba su tsaya ba, ka nuna bindiga, ka ɗana ta su ji ƙarar. Har yanzu suna tahowa, ka yi harbin gargaɗi inda ba zai sami kowa ba. Sai in ka ga alamar da ba shakka, kamar na bayan motar ya juyo da bakin mashinga kanka ko kan matan da ke layin ruwa, sannan ka auna shi, shi ɗin, ba ka yi wa motar ruwan harsashi ba. Da ya zubar da makami ko ya juya, ka tsaya, in ya ji rauni kai za ka yi masa magani, sannan ka rubuta rahoto. In kuwa su suka fara harbi ba zato, ba wanda ya ce ka tsaya tsawa. To ka ga "buɗe wuta" ta bar tsawar da ɗanawar a waje.

Mai Gabatarwa: Allah ya saka yallaɓai. To sojan yaƙi shi ba shi da katin ne?

Tsohon Saje: Yana da nasa, kowa na da shi. Bambancin shi ne shi an nuna masa abokin gaba. Dakarun haɗin gwiwa na tafkin Chadi in sun gano sansanin Boko Haram za su far masa ko da mutanen na cin tuwo, ba sai an harbe su ba. Mai hula shuɗiya, wato sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, ba shi da abokin gaba, abin da mutum ya aikata ko yake shirin aikatawa yake dubawa, ba ɓangarensa ba. Da yardar masu rikicin ya shigo, ba ya bin bayan kowa, ba ya taɓa ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka ɗora masa. Shi ya sa motarmu fara fat, so ake a gan mu, shi kuwa ɓuya yake.

Baban Nahawu: Duk kun bi ta Larabci. Ƙa'ida Larabci, sharaɗi Larabci. Ni tuni na ƙirƙiro: LINZAMIN BINDIGA. Linzami ba ya hana doki tafiya, juya shi yake yi, ya tsayar da shi. Kalma biyu, tsohuwa a ƙauye ma za ta gane.

'Yar Damagaram: Baba ita bindigar daga ina muka samo ta? Linzamin ma ka bincika asalinsa. Sannan kullum ku na Kano ku yanke kalma a ce ita ce Hausa, mu nan sai dai mu ji ta a rediyo. Mu da yaranmu suka yi aiki a Mali ƙarƙashin MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, har aka rufe ta a 2023 ba a tambayarmu.

Baban Nahawu: 'Yata ni Bakatsine ne, kar ki jingina ni da Kanawa. Kuma kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakinmu ta zama tamu.

Ɗan Lauya: To ai ƙa'ida ma ta shekara ɗaruruwan, Baba.

Na Sabon Gari: Ni fa ban ga amfanin wannan wahalar ba, ku ce "dokar hana harbi" kawai. Ba abin da suke yi sai kallo. A Ruwanda a 1994 suna tsaye aka yi ta yanka mutane.

Tsohon Saje: Ruwanda gaskiya ce mai ɗaci amma ka tsaya a 1994. Janar Dallaire, kwamandan rundunar Majalisar a can, ya aika hedkwatarta da ke New York ranar 11 ga Janairu cewa yana so ya kai samame ma'ajiyar makamai, aka ce ya wuce huruminsa, da kisan ya ɓarke a Afrilu ma sai Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa 270. Bayan wannan da kisan kiyashin Srebrenica a Bosniya a 1995 ne aka sauya. A Saliyo a 1999, ƙuduri na 1270 ya ba UNAMSIL, rundunar Majalisar a can, izinin kare farar hula da ke gab da fuskantar hari, amma da wutsiya: gwargwadon ƙarfinta, kuma a inda aka girke ta. Wutsiyar nan ce mafakar kwamandan da bai so fita. Sau da yawa ba katin ne ya hana ba, rashin helikwafta ne, ko gwamnatin da ta ba da sojan ta raɗa masa kar ya kuskura ya dawo mata da gawa. In ka ce "hana harbi" a rediyo ka wanke su ke nan.

Ɗan Lauya: Kuma Kwango fa? A 2013 an kafa birged ta musamman, sojan Afirka ta Kudu da Tanzaniya da Malawi, da izinin kai farmaki, suka taya sojan gwamnati korar 'yan tawayen M23 a Nuwamba. Hula shuɗiya ce a kansu.

'Yar Damagaram: To waɗannan "wanzar" da me suke yi? Ba a wanzar da abin da babu. Ku ce dakarun tilasta zaman lafiya.

Tsohon Saje: Haka ECOMOG, rundunar ECOWAS, ta zama. Sunanta na sa ido ne, amma a Fabrairun 1998 da yaƙi ta kori sojan juyin mulki daga Freetown. Ni dai kan ROE, "ƙa'idojin amfani da ƙarfi" nake gani, ta haɗa tsawa da kamu da harbi.

Baban Nahawu: Gaɓa goma! Kafin ka gama faɗa an harbe ka. Kuma ɗan dambe ma amfani da ƙarfi yake yi.

Mai Gabatarwa: Dare ya yi jama'a. Zan sa "ƙa'idojin amfani da ƙarfi" a labarin, "tilasta zaman lafiya" ga Kwango da ECOMOG. Baba, linzaminka zan ara sau ɗaya wajen bayani, amma ba a kanu ba.

Baban Nahawu: Aro dai? To ka faɗi mai shi.

Ɗan Lauya: Ni har yanzu ina ganin mai sauraro zai fi saurin kama "buɗe wuta". Kuma hurumin nan da Saje ke ta faɗa, mun amince da shi ne ko "wa'adi" za a ce?

Mai Gabatarwa: Wa'adi lokaci ne ai. Bar shi sai bayan shiri.