Power BI ya ƙi sabunta rahoto bayan an mayar da fayil SharePoint

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimako. Rahoton cinikinmu da ke Power BI Service ya daina sabunta kansa da safe tun da aka kwashe fayil ɗin Excel daga kwamfutar ofis aka kai SharePoint. Na gyara adireshin a Power Query, a Desktop komai yana tafiya lafiya, na sake wallafawa.

Amma a Service, Data source credentials ya dushe, ba ya dannuwa, kuma har yanzu yana neman gateway. Ina zargin akwai wata query da ta rage da `File.Contents` maimakon `Web.Contents`. Yaya zan gano ta? In ya buɗe, OAuth2 zan zaɓa? Ranar Litinin shugabanmu zai duba alƙaluman.