Zangarniyar gero da lissafin h², a taimaka min

Hauwa: Salam jama'a. Don Allah a warware min kafin jarabawar jenetis ta jibi. Matsakaicin tsawon zangarniyar gero a gona santimita 40, an zaɓi iri daga masu matsakaicin 50, h² kuma 0.4. Na rubuta 'ya'yan za su kai 50 malam ya soke. Ina na ɓata?

Bashir: Ai mai sauƙi ne, 0.4 na nufin kashi 40 na tsawon gado ne, sai ki ninka 50 da 0.4.

Malam Sani: Bashir ka kama ninkawar amma ka ninka abin da ba shi ba, a lissafinka zangarniya za ta dawo 20 ke nan. Hauwa, h² ba ruwansa da tsawon kansa, kason da gado ya jawo cikin bambancin da ke tsakanin tsirrai yake aunawa. Waɗannan masu 50 ɗin ba duk gado ne ya kai su can ba, wani a gindin gawo ya tsiro, wani inda shanu suka kwana taki ya taru, wani ba kowa kusa da shi a rami, kuma wannan sa'ar ba ta bin ƙwaya zuwa baɗi. Fara cire tazarar zaɓi, S = 50 - 40 = 10. Sai ƙarin da 'ya'yan za su samu, R = h² × S = 0.4 × 10 = 4. 'Ya'yan za su zauna wajen 44, sauran shidan ya tsaya a gonar.

Hauwa: Wallahi yanzu na gane! Na gode malam.

Anti Rabi: Ƙanwata ki duba tambayar da kyau, yaushe aka yi zaɓin? Gero iska ke kai masa bununi daga wasu tsirrai, to in sai lokacin girbi aka zaɓi zangarniya uwa kawai aka zaɓa, uban kuwa kowa da kowa ne har gajerun. Ribar ta rabu biyu ke nan, R = ½ × 0.4 × 10 = 2, wato 42. 44 sai in zaɓaɓɓun kaɗai suka yi barbara da juna.

Isiyaku: Ni a furojet ɗina H² na samu 0.8, na zaɓa na shuka da rani, ƙarin da na gani bai kai rabin lissafina ba, raina ya ɓaci sosai.

Malam Sani: H² ya haɗa har da gadon rinjaye, wanda ke wargajewa in an yi barbara. Na wannan lissafin shi ne h² = VA/VP, wato bambancin gadon da ke wucewa ga 'ya'ya a raba shi da dukkan bambancin da ake gani. Raba ƙarin da ka gani da S ɗinka ka ga ainihin naka.

Anti Rabi: Ni ranin nake zargi. An auna da damina an shuka da ban ruwa, ko ka shuka asalin irin a gefe don kwatance?

Isiyaku: Ban shuka ba anti, fili ya yi min kaɗan.