An riga an kai goro, ni kuma na fasa: yaya ake fita?

Telan Bukoki: Salamu alaikum. Waɗanda irin wannan ya taɓa samu nake so su ba ni labarin yadda suka yi. Ni tela ne a Bukoki, nan Yamai. Shekara biyu ke nan ina neman wata yarinya a Tawa, garinmu. Bayan ƙaramar salla kawuna ya kai goro da jika 20 na tambaya, mahaifinta ya karɓa, amma ba a sa rana ba, ba a biya sadaki ba. Yanzu na zauna da kaina na ga ba zan iya ba. Ba ta yi mini laifi ba. Ita ba ta son barin Tawa saboda tsohuwarta, ni kuma kekena da masu kawo mini ɗinki duk suna nan, kuma duk ranar da muka taɓo zancen da ɓacin rai muke rabuwa. Wata biyu ke nan na rage kira. In ta ce lafiya, sai in ce aiki ne ya yi yawa.

Ɗan Fada: Abokina, ai ka riga ka kama hanya. Ci gaba da ja baya sannu a hankali, mace ba yarinya ba ce, za ta gane da kanta. In ka fito fili ka ce ba ka yi, ka kunyata ta. Ni sau biyu na yi haka, ko musu ba mu yi ba. In abin ya dame ka, tura mata murya ta WhatsApp ka ba ta haƙuri, shi ke nan.

Maman Nana, Tawa: Ɗan Fada, sau biyun da ka yi, ka koma ka tambaye su yadda sunka kwana? Ni anka yi ma haka. Wanda ya kai goro gidanmu ya tahi cin rani Abijan. Da hwarko kullum bayan isha'i shina kira, daga baya sai Juma'a zuwa Juma'a, daga nan sai ni ka kira. In na ce mishi ina munka kwana, sai ya ce "sai yadda Allah ya yi". To wannan magana i ce ko a'a? Wata 14 ina cikin haka. Cikin wannan lokaci wani malamin lakwal ya aiko gidanmu, babana ya maida su, ya ce ya amshi goron wasu, ba shi magana biyu. Malamin ya auri wata a unguwarmu, ni ma na je bikin da kwanona. Labarin mutumin nan kuwa bakin ƙanwarshi na ji shi, wajen suna, wai ai ya daɗe da yin aure can. Auren da ya hwasa bai yi mini ciwo ba kamar watannin nan da ya ci mini. Tela, wata biyunka ɗin nan, ita ba ta san ƙarshe ba ne. Lissahi take yi na abin da ta yi maka.

Baba Alhaji, Wadata: Ɗana, ni an sha aike na neman aure, an kuma taɓa aike na warwarewa har sau uku. Abin da na sani shi ne, ta ƙofar da ka shiga ta nan za ka fita. Da zance ne kawai tsakaninka da ita, da bakinka ya isa. Amma tun da goro ya shiga gida, maganar ta zama ta kawunka da mahaifinta. Ko ka faɗa mata sau goma, a wurin mahaifin tana nan da mai ita har sai wanda ya kawo goron ya koma.

Ga yadda za ka bi. Kawunka za ka fara samu, don kada ya ji a bakin duniya. Zai yi faɗa, zai ce ka zubar masa da mutunci, wataƙila ya ce ka je ka ƙara tunani. In ka tabbata, ka ce masa ka tabbata. In kuwa da sauran kokwanto a ranka, kada ka motsa kowa tukuna. Sai ita, da bakinka. Sai kawun ya je wurin mahaifinta, kuma kada a bar kwana ya wuce biyu tsakanin faɗa mata da zuwansa. Sau ɗaya muka yi sakaci aka yi mako guda. Yarinya ta riƙe abin ita kaɗai, uwarta na ta cinikin kwanoni a gabanta, ta kasa cewa uffan. Ranar da muka je, uban bai tanka kan fasa auren ba. Cewa ya yi, ashe ɗiyata ta kwana bakwai da wannan ku kuna zaune.

Ban yarda kuma a juya tsarin ba, wato iyayenta su fara ji kafin ita. Babu abin da ya kai a kira yarinya tsakar gida a ce mata wane ya fasa, alhali jiya da dare ya ce mata sai da safe.

Wanda aka aika ba ya zuwa da dogon bayani. Ya tafi da mutum ɗaya dattijo, su zaɓi lokacin da babu jama'a a zaure, a gaisa, ya ce: Alhaji, maganar da muka kawo ce muka zo mu janye, ba don wani aibu na ɗiyarku ba, laifin daga wajenmu yake, muna neman gafara, duk wanda Allah ya kawo kada a tsaya saboda mu. Wannan ta ƙarshen ita ce aikin. In ba a furta ta ba, an sha hanya a banza.

Inna Hajiya: Ɗana, ni dai ina ganin hannu a cikin wannan. Mutum ba ya kwana da son yarinya ya tashi babu. Ka yi sadaka, ka yi istihara kwana bakwai, in Allah ya yarda za ku shirya. Zaman Yamai kuwa, ni ma da kuka aka kawo ni daga Madawa, ga ni har da jikoki.

Telan Bukoki: Na gode Inna. Na yi istihara tun kafin azumin tsofaffi, abin da na ji a raina ke nan. Ba shiri nake nema ba. Baba Alhaji, kuɗin da wayar da na saya mata fa?

Malam Ɗan Katako: Kafin kaya, abin da Baba Alhaji ya faɗa yana da tushe. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa har sai ya bari ko ya yi izini. Ka ga ke nan wanda ya yi shiru bai bari ba, bai kuma yi izini ba, ya toshe ƙofa ya tafi da makulli. Batun kaya, sadaki in an riga an bayar ba a ɗaura ba, komawa yake yi. Kyauta kuwa, abin da na karanta a wurin malaman Malikiyya shi ne, in namiji ne ya fasa ba ya karɓar abin da ya bayar, in daga wajen mace ne yana iya nema, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa. Kai ka fasa, bar mata wayarta.

Ɗan Fada: Malam, a wajenmu duk abin da aka kai a rubuce yake, kuma ana biya ko wa ya fasa. Na ga an je har gaban mai unguwa kan akwati.

Baba Alhaji, Wadata: Ɗan Fada, wanda ka gani na wadda aka ba wani ne bayan an ci kayan na farko, wannan daban. Amma gaskiya gida gida ne. A ukun da na je, gida ɗaya sun aiko da kuɗin a ƙulle a leda washegari, ko dala ba ta yi ciwon kai ba, don ba sa son a ce sun ci. In suka maido, a karɓa a yi godiya, kada a tsaya jayayya. In ba su maido ba, kada a tambaya.

Zara'u, Yantala: Ni ce na taɓa fasawa, don haka bari in yi maganar abin da za ka faɗa mata, don nan na yi kuskure. Kunya ta hana ni cewa ba na so, sai na ce masa babana ne bai yarda ba. Bawan Allah ya ɗauki abin da gaske. Ya aiko liman, ya aiko wani abokin babana, har tsohon ya kira ni ya ce yaushe na hana ki. Na ji kunya biyu. Duk dalilin da za a iya gyarawa, in ka ba mutum, aiki ka ba shi. Kai ma in ka ce mata saboda zaman Tawa ne kawai, gobe za ta ce ta yarda ta zo Yamai. Ka shirya amsar wannan? In ko ta yarda ɗin ma ba za ka yi ba, to kada ka rataya abin a can.

Karo na biyu na kira shi ƙofar gida bayan la'asar, ƙanena yana zaune nesa kaɗan. Na ce: na yi tunani, ba zan aure ka ba, ba ka yi mini komai ba, kuma ba lokaci nake nema ba, kada ka jira ni. Ya ce ko nan gaba? Na ce ko nan gaba. Ya ɗau lokaci yana juya makullin babur a hannunsa, ya ce to, na gode da kika faɗa. Kada ka ce "mu dakata tukuna", kada ka ce "in da rabo". Wanda yake so, cikin irin waɗannan yake shimfiɗa tabarma.

Sannan abin da ke biyo baya. Bayan wata guda na tura masa barka da Juma'a, don tausayi. Daren nan sai ga shi a ƙofar gida da turare. Ka daina tura mata kuɗin kira, ka daina duba hotunan da take sawa, in salla ta zo kada ka ɗinka mata komai.

Maman Nana, Tawa: Na yarda da ke, ƴar'uwa, sai wuri guda. Ni da ya ba ni dalili, ko mai ɗaci ne, da na hi samun barci. "Ba ki yi mini komi ba" kaɗai ba ta isa, mutum sai ya yi ta tonon kanshi.

Zara'u, Yantala: Ya faɗi dalilin in gaskiya ne, amma sau ɗaya, bayan ya riga ya faɗi hukuncin. Kada ya bari ya zama ciniki.

Telan Bukoki: To a waya ko in je? Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500, ga ɗinkin biki a hannuna.

Ɗan Fada: In ka sauka Tawa za ta ɗauka sa rana ka zo, har gida ya ɗau murna. Kira ya fi.

Baba Alhaji, Wadata: A nan yaron yana da gaskiya rabi. In za ka je, ka sanar da ita tun a waya cewa magana ce mai nauyi ba ta murna ba, kuma kada ka riƙo tsaraba. Amma shekara biyu da goro sun ci kuɗin mota. Da kana Abijan ko Libiya sai in ce kira, baki da baki, ba murya da za ta yi ta maimaita saurare ba.

Telan Bukoki: Na kira kawu bayan magariba. Ya yi faɗan da Baba Alhaji ya ce, har ya kashe waya, daga baya ya sake kira ya ce in zo Asabar, shi zai je Lahadi da safe. Na ba yarona ragowar ɗinkin. Dalilin ne har yanzu ban san ko zan faɗa mata duka ba.