Warin masai daga magudanar ruwan bayi: abin da muka tsinta

Jiya a majalisarmu ta Unguwar Rimi an daɗe ana maganar warin nan da ke tasowa daga ramin ruwan bayi, musamman bayin baƙi da ba a shiga. Wani mai gyaran famfo ya ce ƙarƙashin ramin akwai lanƙwasar bututu mai riƙe ruwa, ruwan nan shi ke tare iskar sokawe, to da hunturu ya shigo sai ya ƙafe, wari ya samu hanya. Wai a zuba ruwa bokiti ɗaya, in warin ya ɗauke to shi ne. Sai a riƙa zubawa duk sati, in za a yi tafiya a ɗiga man gyaɗa cokali biyu a kai don kar ya bushe da wuri. Amma in warin ya dawo bayan kwana ɗaya biyu, ko lanƙwasar ta tsage ko magini bai ma saka ta ba, dole a fasa tayil a saka. Turaren wuta dai ɓata kuɗi ne kawai.