Wasiƙar tayin shanshera ga kamfanin casar shinkafa: me kuka rubuta a taku?

Sakataren ƙungiya, Kura: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana da mambobi 120 da hekta 150 na noman rani, kuma muna sa ran tan 600 na shanshera, yawanci irin shinkafar nan FARO 44. An ɗora mini rubuta wa wani kamfanin casa wasiƙar neman haɗin gwiwa, shi ya sa nake roƙon waɗanda suka taɓa yi su faɗa mana abin da suka gani.

Tsohon jami'in saye, Kano: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Na karanta irin waɗannan wasiƙu da yawa, kuma wadda ta ce "za mu kawo duk abin da kuke buƙata" ba ta wuce teburina. Kada ka rubuta tan 600, domin mambobinka za su ajiye na ci da na iri, wasu kuma za su sayar wa dillali a bakin gona. Ka yi alkawarin tan 300, wato tirela ɗaya mai tan 30 kowane mako har mako 10, ka faɗi watan farawa, ka haɗa da kwafin takardar rajistar ƙungiya. Ka kuma rubuta cewa laima ba za ta wuce kashi 14 cikin 100 ba, domin idan ka kawo tan 30 mai laima kashi 18, abin da zai rage bayan busarwa kusan tan 28.6 ne, kuma a kuɗinku za a zabtare bambancin.

Shugabar ƙungiyar mata, Haɗeja: Ranka ya daɗe, batun laima gaskiya ne, mun ga an dawo da mota daga bakin sikeli saboda shi. Sai dai ni ina ganin wajibi ne a yanke farashi a cikin wasiƙar, domin mu da muka bar shi a buɗe, abin da suka ga dama suka biya.

Ma'ajin ƙungiya, Argungu: Hajiya, mu yankewa muka yi, amma da kasuwa ta tashi bayan girbi sai mambobi suka janye buhunansu, muka kasa cika mota ta uku. Yanzu muna rubuta cewa farashin kasuwar da aka amince da ita a makon lodi za a bi, a auna da kilo ba da buhu ba, a biya cikin kwana 7.

Manomi, Bunkure: Mu taki da iri muka roƙa bashi a tamu, har yau ba amsa.

Tsohon jami'in saye, Kano: Malam, wannan wata wasiƙa ce daban, kuma sai an ga cika alkawarinku na kaka guda ake sauraron ta.

Shugabar ƙungiyar mata, Haɗeja: To, wa zai tabbatar da farashin makon, mu ko su? Kuma kuɗin mota a wuyan wa yake?