Gazawar farar hula ce ke jawo juyin mulki, ko rikicin cikin bariki?

Nasiru: Ni dai a ganina soja ba ya ƙwace mulki haka kawai. Sai farar hula sun gaza, an sace dukiyar ƙasa, tsaro ya lalace, talaka ya gaji, sannan suke fitowa. Ku duba Nijar a 2023. Da gwamnatin tana aiki, wa zai taɓa Bazoum?

Hajiya Rabi: Nasiru, da gazawa kaɗai ke kawo soja, da ƙasashe da yawa ba su kwana da shugaban farar hula ba. Akwai inda yunwa da sata suka fi na Nijar, amma sojojinsu na cikin bariki. Dole akwai wani abin da ba ka faɗa ba.

Baba Garba: Hajiya ta taɓo wurin. Nasiru ɗana, na yi aikin soja har na ajiye kaki, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. Gazawar gwamnati ita ce hujjar da ake karantawa a rediyo, kuma ita ce ke sa mutane su yi tafi ko su yi shiru bayan an gama. Amma abin da ke tayar da hafsa daga barci ya sa ransa a kasada, galibi yana kusa da shi ƙwarai: an cire shi daga muƙami, ko ya ji za a cire shi, ko an tsallake shi a ƙarin girma, ko ana shirin bincikar kuɗin rundunarsa, ko yaransa na mutuwa a daji ba kayan aiki.

Ɗauki misalin da ka kawo da kanka. Wa ya tsare Bazoum da safiyar 26 ga Yuli 2023? Dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ne, waɗanda aikinsu kare shi, ƙarƙashin Janar Tchiani da ke riƙe da wannan runduna tun 2011, zamanin Mahamadou Issoufou. Sojojin da ke fafatawa da 'yan bindiga a Tillaberi da Diffa ba su suka fara ba. An yi ta ruwaito cewa Bazoum na shirin sauya Tchiani. Ga kuma Janar Salifou Mody, wanda aka sauke daga shugabancin rundunar sojan ƙasar watanni kaɗan kafin nan, aka ba shi jakadanci. Da aka kafa sabuwar gwamnati, shi ya zama ministan tsaro.

Nasiru: To Baba, ai su da kansu suka ce taɓarɓarewar tsaro da rashin iya mulki ne dalili.

Baba Garba: Sun faɗa, kamar yadda Abacha ya faɗi lalacewar tattalin arziki da asibitoci a jawabin 31 ga Disamba 1983. Ban ce ƙarya ce ba. Amma ka tuna, a daren 31 ga Maris 2021, kwana biyu kafin a rantsar da Bazoum, wasu sojoji sun yi yunƙurin kutsawa fada, kuma wannan runduna ta Tchiani ce ta kore su. A lokacin ma ana kashe mutane a Tillaberi da Tahoua, kisa mai muni. Matsalar tsaron tana nan a 2021, tana nan a 2023. Abin da ya sauya a tsakani shi ne matsayin mai gadin ƙofa.

Issoufou daga Maraɗi: Baba, na yarda da kai a kan 2023, amma kada ka haɗa duka. A 2010 ina Yamai ina karatu. Tandja ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya yi ƙuri'ar raba gardama a Agusta 2009 don tazarce. Ƙasa ta cije, sulhun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya ƙi ci gaba. Ran 18 ga Fabrairu 2010 Salou Djibo da yaransa suka shiga fada ana tsakiyar taron ministoci, suka ɗauke shi. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni suka shirya zaɓe suka miƙa mulki. Can dai siyasa ce ta toshe, soja suka buɗe. Haka ma 1996, rikicin Mahamane Ousmane da firaministansa Hama Amadou ne ya ba Baré ƙofa.

Baba Garba: Wannan gaskiya ne, Issoufou, kuma shi ne nau'in da ya fi kusa da maganar Nasiru. Idan 'yan siyasa suka karya dokar da ke raba su faɗa, ɓangare ɗaya yakan fara leƙen bariki, hafsoshi kuma su gane cewa idan suka fito akwai masu tarbarsu. Amma ka lura, abin da ya kawo su shi ne rabuwar manya a sama. Talauci ai yana nan a Nijar tun kafin 2010.

Sadiya: Ni fa duk wannan bayanin ban gane amfaninsa ba. Kowa ya san Faransa da Rasha ne ke juya waɗannan abubuwa. Ba ku ga tutocin Rasha a titunan Yamai ba?

Hajiya Rabi: Tutocin sun fito ne bayan an riga an rufe Bazoum, 'yata. Kuma Faransa na da sojoji kusan 1,500 a ƙasar a lokacin, Amurka na da sansani a Agadez, duk ba su hana ba. Ƙasashen waje suna cin moriyar abin, wani lokaci ma suna zugawa, amma wanda ya kulle ƙofar fada ɗan ƙasa ne mai kaki.

Sadiya: Ban gamsu ba, Hajiya. Mali, Burkina Faso, Nijar, a jere cikin shekara uku, kuma duk suka kori Faransa. Haka kawai?

Baba Garba: Ba haka kawai ba ne, hafsa na kallon maƙwabcinsa. Idan ya ga na Bamako ya yi, an sa takunkumi, an yi ta barazana, ƙarshe ya zauna daram, tsoronsa ya ragu. Amma bari in koma kan yadda abin ke gudana, domin a nan ne za ku ga inda ƙarfin yake.

Masu shiryawa ba sa yawa, saboda kowane mutum da ka ƙara, ka ƙara wanda zai iya kai rahoto. Ƙananan sojojin da ake lodawa a mota sau da yawa ba su san inda za su ba, an ce musu atisaye ne ko kuma za a kare shugaba. Abu na farko shi ne a raba shugaban ƙasa da ikon ba da umarni: a kama shi, ko a jira ya yi tafiya. Gowon yana Kampala wurin taron ƙasashen Afirka a 29 ga Yuli 1975 aka sanar da kifar da shi, kuma wanda ya karanta sanarwar Joe Garba ne, kwamandan dakarun da ke gadinsa. A Agusta 1985, kafin a kifar da Buhari, an jira mataimakinsa Idiagbon ya tafi aikin Hajji. Sannan a tare hanyoyin shiga fada, a riƙe filin jirgin sama, a kama gidan rediyo da talabijin.

Daga nan sai aikin gaske ya fara, kuma yawanci ta waya ake yin sa. Kowane kwamanda da ke da sojoji a ƙarƙashinsa yana tambayar kansa abu ɗaya: sauran wane ɓangare za su bi? Ba ya son ya harbi abokin karatunsa, ba ya kuma son gari ya waye yana ɓangaren da aka kayar. Ku bi awannin Yamai ku gani. Da rana ran 26, fadar shugaban ƙasa ta sanar cewa wasu masu gadi ne suka yi bore, kuma sojoji da jami'an tsaron ƙasa a shirye suke su far musu. Magoya bayan Bazoum sun fito titi, aka tarwatsa su da harbi sama. Har yamma babu wanda ya san yadda za ta kaya. Can cikin dare sai Kanal-Manjo Amadou Abdramane ya bayyana a Télé Sahel, hafsoshi na tsaye a bayansa da kakin rundunoni daban-daban, ya ce an rufe iyakoki, an dakatar da hukumomin jamhuriya, an sa dokar hana fita. Waɗanda ke tsaye a bayan nan su ne ainihin saƙon, ana nuna wa kowane kwamanda a Zinder da Agadez cewa an riga an haɗa kai. Washegari, 27, babban hafsan soja Janar Abdou Sidikou Issa ya fitar da takarda cewa rundunar ta bi, don kauce wa zubar da jini tsakanin sojoji. A ranar abin ya ƙare. Tchiani bai fito ya ce shi ne shugaba ba sai ran 28.

Nasiru: Kenan duk wanda ya kama shugaba da gidan rediyo ya ci?

Baba Garba: A'a. Dimka ya yi duka biyun a 13 ga Fabrairu 1976. An kashe Murtala a mota a Legas, Dimka ya shiga gidan rediyo ya yi jawabi. Amma Obasanjo da Danjuma sun tsira, kwamandojin manyan rundunoni ba su bi shi ba, kafin dare an ƙwace gidan rediyon, shi kuma ya gudu. Orkar a 22 ga Afrilu 1990 ya yi kuskuren da ya fi wannan. Sun kai hari barikin Dodan, Babangida ya kuɓuta, sannan Orkar ya sanar a rediyo cewa an cire Sakkwato, Kano, Katsina, Bauchi da Borno daga Nijeriya. Da wannan magana ya sa duk sojan da ya fito daga jihohin nan ya san ɓangarensa. Idan kana son gane ko yunƙuri zai faɗi, ka duba ko shugaban ko babban hafsansa ya samu damar yin magana da bakinsa yana ba da umarni, ka kuma duba ko mai jawabin shi kaɗai ne ko akwai sauran rundunoni tare da shi.

Issoufou daga Maraɗi: Amma Baba, Bazoum ya riƙe wayarsa kwanaki, yana magana da shugabannin duniya, bai kuma sa hannu a takardar murabus ba. Me ya sa hakan bai cece shi ba?

Baba Garba: Saboda yana hannunsu, da matarsa da ɗansa. Duk kwamandan da zai kai hari fada ya san harsashinsa zai iya kashe wanda ya je ceto. Shugabannin duniya kuma ba su ne ke ba sojan Nijar umarni ba. CEDEAO ta ba da wa'adin mako ɗaya ran 30 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka rufe iyaka, mutanen Maraɗi da Katsina suka sha wahalar, amma barazanar ta ƙara haɗa kan sojojin ne.

Nasiru: Duk da haka, Baba, filin wasan Seyni Kountché ya cika maƙil da masu goyon bayan sojoji. Da mutane na son gwamnatin, da sun hana. Wannan ai ya dawo kan maganata.

Hajiya Rabi: Da wa za su hana, Nasiru, da hannu? Kuma waɗanda ba sa so ai ba a ba su filin wasa ba.

Nasiru: A Turkiyya a 2016 mutane sun fito sun tsaya gaban tankoki, Hajiya, kuma yunƙurin ya faɗi.

Baba Garba: Sun fito, amma ba a kama Shugaba Erdogan ba, shi ya kira su ta waya a talabijin, kuma mafi yawan rundunar ba ta bi masu yunƙurin ba. Ko jama'a ne suka sa kwamandoji suka ja baya, ko kwamandojin ne suka ba jama'a ƙarfin gwiwa, wannan masana ma suna ja a kai.

Sadiya: Ni har yanzu ba wanda ya gaya min wa ya ɗinka tutocin nan cikin kwana biyu.