Na gama shan magani, amma farcen ƙafata bai gyaru ba

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da waɗanda suka taɓa fama da wannan, ku ba ni shawara.

Farcen babban yatsan ƙafata ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, in na zo yankewa sai ya riƙa marmashewa. Likita a nan Kano ya kankari kaɗan aka auna, ya ce ƙwayar cuta ce dangin makero. Bayan gwajin hanta ya ɗora ni kan tabinafin, miligiram 250 kullum na mako 12. Na shanye, amma saman farcen yana nan yadda yake, har kunyar sa silifa nake ji.

Ya ce farcen ƙafa kusan milimita 1 yake tsirowa a wata, kuma magani ba ya gyara wanda ya lalace, sai sabo ya turo shi, wata 12 zuwa 18. Lallai ina ganin wani ɗan siririn farce mai tsabta daga tushe. Shi ne alamar an dace? In rawayar ta sake gangarowa tushe, komawa asibiti zan yi?

Sannan ya ce cutar kan dawo. A Kantin Kwari nake wuni cikin rufaffen takalmi, ga alwala. Tsane tsakanin yatsu da sauya safa kullum sun wadatar?